Hanyoyi biyar na tunkarar saɓani da inda kowace ta fi dacewa: tambayoyi da amsoshi

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa. Duk inda mutum biyu suka haɗa shago, ko ofis, ko gida, sai an samu ranar da abin da wannan ke so ya ci karo da abin da wancan ke so. Masu nazarin zamantakewa a wuraren aiki sun lura cewa idan haka ta faru, ɗayan hanyoyi biyar mutum yake bi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu. Domin kada magana ta tsaya a iska, za mu riƙe misali guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wato rigimar man janareta tsakanin teloli biyu.

Waɗanne ne hanyoyin biyar, kuma daga ina suka fito?

Wasu Amurkawa biyu, Kenneth Thomas da Ralph Kilmann, su suka tsara su a shekarar 1974, suna gini a kan aikin da Robert Blake da Jane Mouton suka yi a 1964 game da halayen shugabanni a wurin aiki. Abu biyu suka duba a wurin mai rigima: iya ƙoƙarin da yake yi ya samu biyan tasa buƙatar, da iya ƙoƙarin da yake yi abokin rigimarsa ya samu biyan tasa.

Wanda ya dage a kan tasa buƙatar bai damu da ta ɗan'uwansa ba, ya bi hanyar kafewa. Wanda ya bar tasa domin ta ɗan'uwansa ta biya, ya bi hanyar sakarwa. Wanda bai nemi tasa ba, bai kuma taɓa ta ɗan'uwansa ba, ya dai bar maganar a ajiye, ya bi hanyar kaucewa. Idan kowa ya rage wani abu aka haɗu a tsakiya, an raba gardama. Idan kuwa aka zauna aka tono ainihin abin da ke damun kowa har aka samo mafitar da ta biya wa duka biyun, wannan ita ce haɗa kai.

Mene ne misalin telolin?

A ƙaddara teloli biyu ne a shago ɗaya, suna raba kuɗin haya. Babban cikinsu mai aikin surfani ne, injinsa ba ya motsi sai da wuta, kuma shi ya sayi janaretan shagon. Ƙaramin kuwa ɗinki yake yi da keken ƙafa, wuta ba ta yi masa amfani sai wajen guga da hasken dare. Janaretan yana shan lita huɗu a rana, kuma tun da suka fara zama tare kowa lita biyu yake saye. Yanzu saura kwana goma Sallah, kaya sun taru har kan benci, sai ƙaramin ya ce daga yau lita ɗaya zai riƙa saye, tunda ba shi ke shan wutar ba. Babban ya ce ai ba haka aka yi da shi ba.

Yaushe ne kafewa take zama daidai? Ba taurin kai ba ne?

Takan zama taurin kai, amma akwai wurare uku da barinta laifi ne. Na farko shi ne inda rai ko lafiya ke cikin haɗari kuma babu lokacin shawara. Da ƙaramin telan zai ce a shigo da janaretan cikin shago a rufe ƙofa da dare saboda ɓarayi, to babban ba shi da abin da zai tattauna da shi. Hayaƙin janareta a rufaffen ɗaki yana kashe mutum cikin barci, don iskar da ke kisan ba ta da wari ba ta da launi. A nan sai ya ce a'a, ya tsaya a kan a'ar, ko da za a yi fushi da shi.

Na biyu shi ne inda aka nemi ka ci amana ko ka danne haƙƙin wani, kamar a ce ku yanki yadi ɗaya daga shaddar mai kaya ba da saninsa ba. Na uku shi ne idan ka gane wanda kake hulɗa da shi ya mai da sauƙin kanka hanyar cin abincinsa, duk lokacin da ka sassauta sai ya ƙara matsowa.

Amma a maganar lita biyu, kafewa za ta iya jawo wa babban asara. Yana da ƙarfin da zai ci, domin janaretan nasa ne, yana iya cewa duk wanda bai kawo lita biyu ba kada ya jona dutsen guga. Ƙaramin zai biya, don ba shi da zaɓi ana saura kwana goma Sallah. Sai dai bayan Sallah zai fara cigiyar wani shagon, kuma babban zai wayi gari da kuɗin haya gaba ɗaya a kansa. Alamar da mutum zai gane ya cika amfani da wannan hanya ita ce mutanen da ke ƙarƙashinsa sun daina kawo masa labarin matsala, ba ya jin ɓarna sai ta riga ta auku.

Sakarwa ba rauni ba ne?

Idan da sani aka yi ta, ƙarfi ce. Ta fi dacewa idan abin ya fi nauyi a wurin ɗan'uwanka fiye da a wurinka, ko ka gano kai ne ba ka da gaskiya, ko kuma zumuncin ya fi abin da ake jayayya a kansa daraja nesa ba kusa ba. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, wakilin Ƙuraishawa Suhailu ɗan Amru ya ƙi yarda a rubuta "Manzon Allah" a takardar yarjejeniya, sai Annabi (SAW) ya yarda a rubuta "Muhammadu ɗan Abdullahi". An sakar musu lafazi, an samu zaman lafiyar da ya buɗe ƙofofi masu yawa.

A shagonmu, idan aikin surfani yana kawo wa babban kuɗi sosai a wannan lokaci, lita ɗaya ba za ta girgiza shi ba, alhali ƙaramin yana da iyali da bashi a wuya, sai ya ce masa: "Ba komai, ƙanena, ka kawo ɗayan, ni zan cika sauran har a yi Sallah." Ka lura ya faɗa da bakinsa, ya kuma sa wa abin iyaka. Wannan shi ke raba sakarwa mai kyau da wadda ke zama ciwo. Wanda ke sakarwa kullum, yana murmushi a fuska yana ƙirgawa a zuci, wata rana tura za ta kai bango, ya fashe a kan abin da bai taka kara ya karya ba, mutane su yi ta mamaki. Idan ka ji kana yawan cewa a ranka "bayan duk abin da na yi masa", to sakarwarka ta zama bashin da ɗayan bai san yana ci ba.

To ai mu duka wannan haƙuri muke kiransa. Mene ne bambancin sakarwa da kaucewa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a wurinmu, kuma a ganina nan ne muka fi yin kuskure. Kalma ɗaya, haƙuri, muke lulluɓe abubuwa biyu da ita. Mai sakarwa ya yanke hukunci, ya bar wa ɗan'uwansa, magana ta mutu. Mai kaucewa bai yanke komai ba, maganar tana nan da ranta, an dai rufe ta da tabarma. Idan babban ya yi shiru da ƙaramin ya zo da lita ɗaya, bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba, ya dai ɗaure fuska ya rage amsa gaisuwa, to bai yi haƙuri ba tukuna. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka tambayi kanka: idan aka sake yin abin gobe, raina zai ɓaci? Idan zai ɓaci, ba ka sakar ba, kaucewa ka yi.

Ke nan kaucewa ba ta da amfani?

Tana da shi, matuƙar an sa mata rana. Idan rai ya ɓaci har murya ta fara rawa, ko akwai masu kaya zaune a shago suna ji, ko kuma abin da ke gabanku ya fi rigimar girma, ɗage maganar shi ne hankali. Kwana goma kafin Sallah, kowa yana kwana a kan keke, ba lokacin tono lissafin shekara biyu ba ne. Babban yana iya cewa: "Malam, maganarka na ji ta, kuma ba zan share ta ba. Mu ci gaba yadda muke har a sauko daga Idi, ranar uku ga Sallah mu zauna." Wannan kaucewa ce mai amfani, domin ƙaramin ya san an ji shi, ya kuma san ranar da za a saurare shi.

Haka nan idan abin ƙarami ne da zai wuce da kansa, ko rigimar ba taka ba ce, ko akwai wanda ya fi ka cancantar shiga ciki. Abin da ba ya cikin wannan babi shi ne gaba. Hadisi ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kuma ko a wurin aiki, mutum biyu da ba sa magana da juna sai ta bakin yaron shago sun riga sun fara ɓata kayan mutane.

Raba gardama fa? Ai ita dattawa suka fi yi idan an kai musu ƙara.

Ita ce, kuma da dalili. Tana da sauri, kowa yana fita da mutuncinsa, ba a ce wane ya ci wane ya faɗi ba. Ta dace idan ƙarfin mutanen biyu ya zo ɗaya, abin da ake jayayya a kansa yana rabuwa, kamar kuɗi ko lokaci ko fili, kuma ana buƙatar mafita yau. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Ka'abu ɗan Malik ya bi Ibnu Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga, sai Annabi (SAW) ya yi wa Ka'abu nuni ya yafe rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Mai bin bashi ya rage, wanda ake bi ya biya nan take.

Da shugaban ƙungiyar teloli za a kai wa maganarmu, mai yiwuwa ya ce: kai ka ce biyu, kai ka ce ɗaya, to ƙarami ya kawo lita ɗaya da rabi, babba ya kawo biyu da rabi. An gama cikin minti biyar, kowa ya koma kan aikinsa.

Matsalarta biyu ce. Ta farko, idan mutane suka san a tsakiya za a yanke, sai kowa ya fara daga nesa, kamar cinikin kasuwa. Wanda ya fi ƙarin gishiri shi zai fi samu, mai faɗin gaskiya tun farko shi zai cutu. Ta biyu, akwai abin da ba ya rabuwa. Ba a raba gardama tsakanin gaskiya da ƙarya, kuma sulhun da zai halatta haram ko ya haramta halal ba sulhu ba ne, kamar yadda hadisi ya faɗa. Sannan sau da yawa lambar da aka tsaya a kanta ba ta taɓa ainihin ciwon ba. Lita ɗaya da rabi ba ta amsa dalilin da ya sa ƙaramin ya tayar da maganar yanzu, bayan shekara biyu yana biya bai ce uffan ba.

Yaya haɗa kai take a aikace? Kullum ana yabonta, amma ba a nuna yadda ake yi.

Tushenta shi ne a raba abin da mutum ya ce yana so da dalilin da ya sa yake sonsa. Wata Ba'amurkiya mai nazarin shugabanci, Mary Parker Follett, ta ba da misali tun a shekarun 1920: tana zaune a ɗakin karatu, wani yana so a buɗe taga, ita tana so a bar ta rufe. Da suka bincika, shi iska yake so ta shigo, ita kuwa ba ta son iskar ta riƙa bugunta kai tsaye. Sai suka buɗe tagar ɗakin da ke kusa, inda babu kowa. Ba wanda ya rage komai daga buƙatarsa.

Mu koma shago, ranar uku ga Sallah, an rufe ƙofa, ba yara ba masu kaya. Matakin farko, kowa ya faɗi abin da ke damunsa ba tare da an katse shi ba, ɗayan kuma ya maimaita abin da ya ji har mai maganar ya ce haka ne. Babban ya tambaya: "Ƙanena, shekara biyu muna haka, me ya faru yanzu?" Sai ƙaramin ya ce: "Yaya, wallahi ba litar ce ta fi ci mini rai ba. Kai da ka gama aikinka da magariba sai ka kashe inji, ni kuwa a lokacin nake fara guga. Sau uku ina kai kayan mutane wurin mai guga ina biya, bayan na sayi mai da safe. Kuma da safen nan ba ni da kuɗi a hannu, sai masu kaya sun zo karɓa da yamma."

Shi ma babban yana da nasa. Shi kaɗai yake sayen baƙin mai, shi yake biyan mai gyara, kuma bai taɓa faɗa ba don yana jin nauyi. Yana kashe inji da magariba ne don ya huta, saboda ya lura duk lokacin da aka jona dutsen guga injin yana nishi. Gaskiya ne kuwa, dutsen guga na lantarki yakan ja wajen wat dubu ko fiye, wanda nauyi ne babba a kan ƙaramin janareta. Ashe zaton ƙaramin cewa ba ya shan wuta ba daidai ba ne gaba ɗaya. Akwai kuma abin da ya fi yi wa babban zafi: ƙaramin yana kai wuyan rigunan da ya ɗinka wani shagon a yi musu surfani, ga shi zaune kusa da shi.

Mataki na biyu, a jera buƙatun a fili. Ƙaramin yana son wuta lokacin guga da sauƙin lokacin biya. Babban yana son a taya shi ɗaukar nauyin gyara, kada injinsa ya lalace, kuma a riƙa ba shi aikin wuya. Mataki na uku, a kawo shawarwari da yawa kafin a zaɓi ɗaya. Ga inda za su iya tsayawa: a ware awa ɗaya bayan la'asar, babban ya tsayar da injin surfani ya yi yankan zare da shirya aikin gobe, ƙaramin ya tara gugarsa ya yi a lokacin, don kada nauyi biyu su haɗu a kan janareta. Kuɗin mai a riƙa haɗawa ranar Juma'a maimakon kowace safiya. A ajiye asusu na gyara da baƙin mai, kowa yana zuba wani abu duk mako. Ƙaramin ya riƙa ba babban aikin wuya, shi kuma ya yi masa ragi. Mataki na ƙarshe, a rubuta a littafin shago, a sa wata ɗaya a sake dubawa.

Ka ga maganar lita, wadda ita aka fara rigima a kanta, ta koma ƙaramin abu a cikin yarjejeniyar. Masu karatun sira za su tuna yadda Ƙuraishawa suka kusa zubar da jini a kan wanda zai mayar da Hajarul Aswad wurinsa lokacin sake ginin Ka'aba, aka ɗora dutsen a kan mayafi, kowace ƙabila ta kama gefe, duk suka samu darajar da suke nema.

Idan haka ne, me zai hana a riƙa haɗa kai kullum?

Tsadarta. Zaman telolin nan zai ci awa biyu ko uku, kuma sai da kowa ya buɗe cikinsa ya faɗi abin da yake jin kunyar faɗa. Ba za ka yi wannan a kan wa zai share shago yau ba. Tana kuma buƙatar amana daga ɓangare biyu. Idan kai ka bayyana cewa ba ka da kuɗi da safe, shi kuwa ya riƙe wannan ya zama makamin da zai matsa maka da shi, ka yi asara. Don haka ta dace da inda abin yake da nauyi, zaman zai daɗe, akwai lokaci, kuma sai da yardar kowa mafitar za ta yi aiki: abokan kasuwanci, ma'aurata, 'yan'uwan da suka gaji gona ɗaya, ma'aikatan da ke ofis ɗaya.

Idan ɗayan ya girme ni ko shugabana ne, ina da zaɓi kuwa?

Zaɓin yana raguwa, amma bai ƙare ba. An tsara waɗannan hanyoyi ne a Amurka, inda ma'aikaci zai iya duban shugabansa ya ce bai yarda ba. A wurinmu yaron shago ba zai yi wa ogansa haka ba, ɗa ba zai yi wa mahaifinsa ba. Sai dai muna da namu ƙofofin. Ana samun babba shi kaɗai, a gaishe shi, a kawo maganar da sigar neman shawara: "Ranka ya daɗe, akwai abin da ya shige mini duhu, ina so ka duba mini." Ana kuma bi ta hannun wanda yake jin nauyinsa, amininsa ko limamin unguwa ko kawu. Mai kallo daga waje zai ɗauka kaucewa ce, alhali hanya ce ta isar da buƙata ba tare da an zubar wa babba da girma ba.

Nauyin ya fi yawa a kan babban. Idan na ƙasa da kai ya ce "to" da sauri, kada ka ɗauka ya gamsu, wataƙila ba shi da bakin cewa a'a ne. Kai za ka buɗe masa ƙofa, ka tambaye shi abin da ya gani, ka yi shiru har ya gama.

Akwai kuma abin da ya fita daga wannan babi gaba ɗaya. Inda ake duka, ko barazana, ko cin zarafi, ba saɓani ne tsakanin mutum biyu masu neman mafita ba, zalunci ne. Ce wa matar da ake duka ta koma ta yi haƙuri tura ta ne cikin haɗari. Abin da ake buƙata a nan shi ne kariya da shigowar waliyyai da hukuma.

Ta yaya zan san hanyar da na fi karkata gare ta?

Thomas da Kilmann sun tsara gwaji da ake kira TKI, mai tambayoyi 30. Kowace tambaya jimla biyu ce, ka zaɓi wadda ta fi kama da halinka, kuma kowace hanya tana iya samun maki daga 0 zuwa 12. Sun yi ƙoƙarin daidaita jimlolin yadda babu wadda ta fi ɗaya kyan ji, don kada mutum ya zaɓi abin da zai sa a yabe shi. Duk da haka, abin da ka faɗa game da kanka yake aunawa, kuma mutum yakan zama daban a gida da a kasuwa. Akwai mai kafewa a kan yaransa na shago, amma a gaban yayansa sakarwa kawai yake yi.

Ko ba gwajin za ka iya ganewa. Ka tuno saɓani uku na ƙarshe da ka shiga, ɗaya a gida, ɗaya a wurin sana'a, ɗaya da aboki, ka rubuta abin da ka yi a kowanne, ban da abin da ka so a ce ka yi. Sannan ka tambayi mutum biyu da suka san ka sosai, matarka ko mijinki da wanda kuke aiki tare, yadda suke ganinka idan an saɓa. Idan amsarsu ta zo ɗaya kuma ta bambanta da taka, tasu ka ɗauka.

Ana iya sauya hanya a tsakiyar rigima ɗaya?

Ana yi, kuma yawanci haka ake warware rigima ta gaske. Telolinmu sun kauce har Sallah ta wuce, babban ya sakar da lita ɗaya a kwanakin, suka haɗa kai a kan lokacin guga da asusun gyara. Idan suka zo kan nawa kowa zai riƙa zubawa a asusun, suka ga babu wata dabara da za ta biya wa kowa, sai su raba gardama. Maganar shigo da janareta cikin shago kuwa, ko sau nawa aka tayar da ita, amsar babban tana nan a kan a'a.